Hoton fasfo da na biza: yadda za ka duba shi da kanka kafin a mayar maka da shi

Sana'ata ɗaukar hoto ce a nan Abuja, kuma kusan kullum sai wani ya shigo shago da takardu a hannu, ransa a ɓace, an ce masa hotonsa bai yi ba. Wani daga Kubwa ya taso tun asuba, wani daga Mararaba, ya ci kuɗin mota ya kuma rasa layinsa. Abin da ke damuna shi ne yawancin kurakuran da ake kama mutane da su, da ido da rula ake gane su cikin minti biyu, tun mutum bai bar gaban mai hoto ba. Shi ya sa na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa a wurina, na amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Da fasfon da nake kaiwa makaranta ko banki da hoton biza, ba abu ɗaya ba ne?

A bakinmu duk "fasfo" muke cewa, ko ɗan ƙaramin hoto ko littafin tafiya, kuma daga nan ruɗanin yake farawa. Fasfon jira-ka-karɓa da ake yi a bakin sakatariya, mai jan baya ko shuɗi, ya isa fom ɗin makaranta ko katin ƙungiya, domin mutum ne zai kalle shi ya ce wane ne. Hoton littafin tafiya da na biza kuwa na'ura ce ke fara karanta shi. Tana auna tazarar da ke tsakanin idanu, da inda hanci yake, da faɗin baki, da layin haɓa, sannan ta kwatanta da fuskar da ta tsaya a gabanta a filin jirgi.

Ƙa'idojin sun samo asali ne daga hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Montreal ta ƙasar Kanada, cikin kundinta na takardun tafiya mai lamba 9303. Shi ya sa za ka ga ƙasashe sun yi tarayya a kan abubuwa uku: baya mai haske wanda ba komai a cikinsa, fuska tana kallon gaba sak, da fuskar da aka sake ta ba dariya ba ɗaure gira. Inda suke rabuwa shi ne girman hoton da girman kai a cikinsa.

Wane girma ake so? Na ji wasu na cewa inci biyu, wasu na cewa 35 da 45.

Duka biyun gaskiya ne, ya danganta da inda ka nufa. Amurka murabba'i take so, inci 2 a tsaye inci 2 a kwance, wato milimita 51 kowane gefe. Ƙasashen Turai masu bizar Schengen, irin su Jamus da Faransa da Italiya, suna so faɗi milimita 35, tsayi milimita 45. Sin kuma, inda 'yan kasuwarmu ke yawan zuwa, nata daban ne: faɗi 33, tsayi 48.

Don haka idan ka shiga shago kada ka ce "a yi mini fasfo" ka yi shiru. Ka faɗi ƙasar, ka faɗi girman, kuma ka buɗe shafin ofishin jakadancin ko na cibiyar karɓar takardunsu ka karanta da idonka, domin wanda ke rubuce a can ranar da za ka miƙa takarda shi ne hukunci. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauki hoto mai 35 da 45 a ja shi a kwamfuta har ya zama murabba'i. Fuska sai ta baje kamar an danne ta, kunnuwa su yi nisa da juna. Wanda ya saba duba hotuna da kallo ɗaya zai gane.

Yaya zan auna ko kaina ya cika hoton yadda ake so?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce mutane ba sa yi. Sami rula mai milimita, irin ta 'yan makaranta. Ɗora ta a kan hoton a tsaye, ka auna daga ƙarshen haɓa zuwa ƙololuwar kai. A hoton Schengen ya kamata ka samu tsakanin milimita 32 da 36, wato kai ya cinye kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na tsayin hoton. Irin wannan hoton idan an yi shi daidai, kafaɗa kaɗan ce ke fitowa, har mutum ya ga kamar an matso da shi da yawa. Haka ake so. A na Amurka kuwa kan ya fi ƙanƙanta: tsakanin milimita 25 da 35 cikin 51, wato kashi 50 zuwa 69 cikin ɗari, kuma su da gashin suke aunawa.

Bayan tsayin kai sai ka duba tsakiya. Ɗora rular ta ratsa tsakiyar hoton daga sama zuwa ƙasa. Ya kamata ta bi ta kan karan hanci. Sannan kwantar da ita a kan idanu biyu. Idan ido ɗaya ya hau sama da bakin rular ɗayan ya sauka, kan ya karkata. Daga ƙarshe dubi kunnuwa, ko gefen kumatu ga mai hijabi: idan ɓangare ɗaya ya fi fitowa, an juya fuska gefe, irin tsayuwar hoton biki.

Mai gemu ya auna daga inda haɓarsa take a ƙarƙashin gemun, ba daga ƙarshen gemun ba. Idan aka lissafa da dogon gemu, fuskar za ta fito ƙarama fiye da ƙa'ida.

Bayan hoton dole ne ya zama fari fat?

Ga Amurka fari ne ko mai kusa da fari. Sin fari take so, kuma hoton maniyyata Hajji da Umara ma fari aka saba nema. Wasu ƙasashen Turai sun fi son ruwan toka mai haske, kamar yadda Birtaniya ke neman ruwan toka ko ruwan madara a hoton fasfonta. Ja da shuɗi mai duhu dai ka ajiye su gefe.

Amma launi ba shi ne ya fi kayar da mutane ba, inuwa ce. Idan mutum ya jingina da bango aka haska shi da filashi, inuwarsa na fitowa a bayan kunne da gefen wuya kamar wani baƙin zane. Maganinta shi ne ya matsa gaba daga bangon kamar taku ɗaya. Ka riƙe hotonka a wurin haske ka dubi kusurwoyi huɗu: launinsu ɗaya ne, ko ɗaya ta fi duhu? Akwai lanƙwasar ƙyalle, ko layin tayil, ko makunnin wuta? Ko ɗaya daga ciki ya isa a ƙi hoton.

Akwai wata matsala da ta fi shafar mu masu duhun fata. Kyamara idan ta ga farin bango ya cika mata ido, sai ta rage haske da kanta, bango ya yi kyau, fuska ta koma baƙi ƙirin, ba ka bambance ido da gira. Gwajin da nake yi shi ne: ina iya ganin ƙwayar ido a fili, da gefen hanci, da layin leɓe? Idan ban gani ba, fuskar ake ƙara wa haske a sake ɗauka. Ba a kwamfuta ake fararta mutum ba, kuma na yi bayanin dalili a amsar da ke magana kan gyaran hoto.

Zan iya barin hijabina? Mai gidana kuma zai iya barin hularsa?

Hijabi da ɗankwali da mayafi, waɗanda ake sawa kullum saboda addini, ƙa'idojin sun yarda da su. Sharaɗin shi ne fuska ta fito gaba ɗaya, daga ƙasan haɓa zuwa saman goshi, da gefe da gefe. Hijabin da aka ɗinka da ƙaramar fuska, wanda ke hawa kan haɓa ya kuma sauko har gira, shi ke jawo matsala. A tura shi baya kaɗan, a sauke shi ƙarƙashin haɓa, a tabbata bakinsa bai jefa inuwa a goshi ba. Niƙabi kuwa dole a ɗage shi. Idan da damuwa, a nemi shagon da mace ke ɗauka.

Launin hijabin ma abin lura ne. Fari a kan farin bango yana narkewa, sai ka ga fuska kawai tana shawagi ba iyakar kai. Ruwan ƙasa, shuɗi mai duhu, kore, duk sun fi. Mai duhun fata sosai kuma ta guji baƙi wuluk, don kada gefen fuskar ya ɓace a cikinsa. Gwaggwaro mai tsini irin na biki yana cinye saman hoto, yana kuma sa a ƙanƙanta fuska don ya samu wuri.

Hula kuwa, shawarata ga maza a cire ta. Na san dattijo ba ya jin daɗin zama kai ba hula, kuma nakan ce, "Baba, a yi haƙuri, na minti ɗaya ne." Jami'in da zai duba yana iya ɗaukar zanna ko wata hula a matsayin ado, ba wajibin addini ba, kuma ba ka nan balle ka yi masa bayani. Mai rawani shi ma amawali ba zai rufe haɓa ba. Kakin soja ko na ɗan sanda ko duk rigar da ta yi kama da su, Amurka ba ta karɓa.

Tabarau fa? Ni ba na gani sai da shi.

Amurka ta daina karɓar hoto da tabarau tun 1 ga Nuwamba 2016, sai ga wanda likita ya rubuta masa takardar cewa ba zai iya cirewa ba, kamar wanda aka yi wa aikin ido. Wasu ƙasashen suna bari idan gilashin fari ne, ba ya walƙiya, kuma ƙarfensa bai tare ido ba. Cika waɗannan sharuɗɗa uku a lokaci ɗaya yana da wuya, musamman gilashin da ke duhu da kansa idan ya ga haske. Cire shi ya fi sauƙi. Ka ɗan jira kaɗan bayan cirewa, sawun da ya bari a karan hanci ya baje, idanu kuma su daina ƙanƙancewa.

Me ake nufi da a saki fuska? Murmushi laifi ne?

Baki a rufe, haƙora ba sa fitowa, idanu biyu a buɗe suna kallon cikin kyamara, gira a inda take. Dariya tana ɗaga kumatu, ta matse idanu, ta faɗaɗa baki, wato ta sauya ainihin wuraren da na'ura ke aunawa. Ɗaure fuska ma haka yake yi. Mutane da yawa idan aka ce kada su yi murmushi sai su haɗe rai su zare ido. Abin da nake gaya musu shi ne su rufe ido, su sauke numfashi, su buɗe. A wannan daƙiƙar nake ɗauka.

Wani abin da ake mantawa shi ne haɓa. Wasu na ɗaga ta sama har ana hango cikin hanci, wasu kuma, musamman mata da yara masu kunya, suna sunkuyar da kai suna kallo ta ƙasan ido. Kyamara ta kasance daidai da tsayin ido, mai hoto ya sunkuya ko ya miƙe, ba wanda ake ɗauka ba.

Mai hoto ya ce zai ɗan gyara mini fuska. In bari?

Kada ka bari. Na san da kyakkyawar niyya yake yi, kuma mu masu sana'ar mun saba da hoton biki inda ake goge ƙuraje a sulɓe fata. A nan cutarwa ce. Tsagar gado a kumatu, tabon sallah a goshi, tawadar Allah, tabon tsohon rauni, duk suna cikin abin da ke nuna kai ne. Idan hoto ya fito sumul, fata ta yi haske fiye da taka, ranar da ka tsaya a gaban jami'i zai ga mutum biyu.

Har da wanke baya. Da yawa suna ɗaukar mutum a ko'ina, su yanke shi a kwamfuta su manna a kan fari. Ana gane wannan ta gefen kunne da gashi da kafaɗa: ko dai gefen ya yi kaifi kamar an yanka da almakashi, ko a ga wani siririn haske ya zagaye kai, wani lokaci ma a gutsure gefen kunne. Amurka ta faɗa ƙarara cewa ba ta karɓar hoton da aka sauya kamanninsa da na'ura. A waya ma a kashe duk abin da ke ƙawata fuska da wanda ke dusashe baya. Idan goshi na ƙyalli saboda zafi ko man da aka shafa lokacin hunturu, hankici ne maganinsa kafin a ɗauka. Kwalli da hoda kaɗan ba laifi, amma kwalliyar da ke sauya siffar gira da hanci a bar ta sai wata rana.

Zan iya ɗauka da wayata a gida?

Za ka iya, idan wani ne zai ɗauke ka. Hoton da mutum ya ɗauki kansa da hannu yana kumbura hanci ya ɓoye kunnuwa saboda kusanci, kafaɗa ɗaya kuma ta ɗaga. Mai ɗauka ya tsaya kamar mita ɗaya da rabi, ya yi amfani da kyamarar baya. Ka fuskanci taga ko ƙofa da safe ko da la'asar, hasken ya sauka a fuskarka daidai ta ɓangare biyu. Rana tsaka tana sa ramin ido ya yi duhu, ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa kuma yana sauya launin fata. A bar fili sosai a sama da gefe, domin yanka ya zo daga baya, kamar yadda na nuna a misalin Hajiya da ke ƙasa.

Wajen turawa mai wanki, kada a tura shi a WhatsApp a matsayin hoto, domin yana matse shi ya rage masa kaifi. A zaɓi Document, ko a tura ta imel. Kuma kada a ɗauki hoton tsohon hoto da waya.

Fom ɗin DS-160 na neman bizar Amurka ta intanet yana ta ƙin hotona. Me zan duba?

Fara da fayil ɗin kansa. Ya zama JPEG, murabba'i, daga fiksel 600 a 600 zuwa 1200 a 1200, nauyinsa bai wuce kilobait 240 ba, kuma mai launi. Idan waɗannan sun cika, koma kan awo. A hoto mai fiksel 600, kai zai kasance tsakanin 300 da 414, idanu kuma su kasance tsakanin fiksel 336 da 414 idan ka auno daga ƙasa. Idan awon ma daidai ne, to haske ne ko inuwa, sai ka koma amsar bayan hoto. Ka sani kuma, shafin ya karɓa ba yana nufin magana ta ƙare ba. Jami'in ofishin jakadanci ne mai hukuncin ƙarshe, don haka ka riƙe wankakke guda ranar ganawa.

Ko za a nuna mana yadda ake duba hoto ɗaya daga farko zuwa ƙarshe?

Wata Hajiya ta zo mini da ɗanta, za ta je duba jikanta a Turai, an mayar mata da hoto ba a yi mata dogon bayani ba. Na ɗora rula: faɗi 35, tsayi 45, girman takarda daidai. Daga haɓa zuwa saman kai kuwa milimita 27 na samu. Idan ka raba 27 da 45 za ka ga kashi 60 ne cikin ɗari, ya gaza 70 da ake nema. An ɗauke ta har ƙirji, ana ganin aikin wuyan rigarta. Na biyu, farin hijabi ta sa a kan farin baya, kafaɗarta ta dama ta ɓace. Na uku, bakin hijabin ya rufe haɓa. Ɗan ya ce ko za a ƙara girman wannan ɗin kawai a sake wankewa. Na ce masa, "Da awo ne kaɗai, da mun gwada. Amma hijabin Hajiya ba ya gyaruwa sai an sake ɗauka."

Ta yafa wani mai ruwan ƙasa da ke cikin jakarta, ta sauke shi ƙarƙashin haɓa, na matsar da kujera daga bango. Hoton ya fito da fiksel 3000 a faɗi, 4000 a tsayi, kan ya ɗauki kimanin 1500. Ina son kai ya zama milimita 34, tsakiyar abin da aka yarda da shi, don ko almakashi ya ɗan kauce ba za a fita daga iyaka ba. Sai na ninka 1500 sau 45 na raba da 34, ya ba ni kusan 1985: tsayin da zan yanka ke nan. Faɗin kuma 1985 sau 35 a raba da 45, kusan 1544. Na daidaita hanci a tsakiya, na bar ɗan fili a saman kai, na wanke a takardar hoto. Da ya fito na sake ɗora rula a gabanta, 34 cif.

Da Amurka za ta, daga wannan fayil ɗin zan yanka murabba'i mai 2500 kowane gefe, kai ya zama kashi 60, in rage shi zuwa 600. Amfanin barin fili lokacin ɗauka ke nan, kuma shi ya sa nake ce wa kowa ya karɓi ainihin fayil ɗinsa daga mai hoto.

Ina da hoton bara mai kyau, zan iya amfani da shi?

Amurka da ƙasashen Schengen suna son wanda bai wuce wata shida ba. Mutane kan ce ai ba wanda zai sani, amma idan hoton da ka kawo shi ne a jikin tsohuwar bizarka ta shekara biyu da suka wuce, sun riga sun sani. Ko bai kai wata shida ba, idan ka tara gemu ko ka aske, ko ka yi jinya ka rame sosai, sake sabo.

Jariri fa, wanda bai iya zama ba?

Shimfiɗa farin zane mara ado, a kwantar da shi rigingine, a ɗauka daga sama, a kula kada inuwar mai ɗauka ta faɗa masa. Hannun uwa ba zai fito ba, haka abin tsotso ko abin wasa ko hula. Ana sassauta wa jarirai kan yanayin fuska, amma a yi ƙoƙari ido ya buɗe. Bayan ya sha nono ya huta kaɗan, kafin barci ya ɗauke shi, shi ne lokacin da ya fi yi mini sauƙi. A ɗauka da yawa a zaɓi ɗaya.

Tunda ofishin shige da fice suna ɗaukar hoto da kansu, me ya sa zan damu?

Gaskiya ne, mai neman fasfon Najeriya yana zuwa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, haka ma masu neman bizar Birtaniya a cibiyar karɓar takardu. Amma tun farkon 2024 Hukumar Shige da Fice ta koma tsarin da mai nema ke ɗora hotonsa da takardunsa ta intanet, kuma hoton da bai cika ƙa'ida ba yana tsayar da mutum tun a matakin cike fom. Ranar ɗauka kuma ƙa'idojin nan ne dai za su bi ka har kujera. Ka je da riga mai ɗan duhu, ba farar shadda ba, mace ta je da hijabin da ke buɗe haɓa da goshi, a goge fuska kafin a zauna. Fasfo mai shekara goma, wanda aka fara bayarwa a 2019, da wannan hoton zai yi ta yawo har ya ƙare.

An wanke hoton ya yi daidai. Akwai sauran abin lura?

Takardar ta zama ta hoto, ba farar takardar ofis ba. Duba ko injin ya bar layi-layi a fuska, ko launin ya karkata zuwa ja ko kore. Kwatanta da bayan hannunka a hasken rana. A yanka gefe a miƙe, ba farin gefe da ya rage. Saka su cikin ambulan, kada su shiga walat su lanƙwashe ko zufa ta taɓa su. Kada ka sa musu ƙusar matse takarda, kada ka manna da gam sai in fom ɗin ya ce a manna, kuma idan za ka rubuta suna a baya, bari tawadar ta bushe kafin ka ɗora wani a kai.